Shaidar Mai Shago: Takardar da Ake Ba 'Yar Shago Ranar Sallama a Bauchi

A Kasuwar Wunti da ta Muda Lawal, da jerin shagunan da ke bakin titin Ahmadu Bello, yanzu ba abin mamaki ba ne ka shiga shagon atamfa ko na kayan kwalliya ka tarar mace ce ke tsare da shi, kuma ba ita ce mai shi ba. Wata ta gama sakandare tana jiran gurbin karatu, wata tana difloma a Tatari Ali ko a kwalejin tarayya da ke Gwallameji, wata kuma aurenta ne ya mutu ta fito neman abin riƙe kanta da 'ya'yanta. Idan ta yi shekara uku ko huɗu, ta san kaya, ta san farashi, ta san halin masu saye, sai wata rana ta sami uwar ɗakinta bayan an rufe lissafi ta ce, "Hajiya, ina son in gwada nawa, ki sa mini albarka." Idan Hajiya ta yarda, a cikin abubuwan da ake roƙonta har da takarda, wadda za ta shaida cewa wance ta yi aiki a wurinta kuma an rabu lafiya.

Wannan takarda ta yi kama da wadda ake ba ma'aikacin da zai koma wani ofis, shi ya sa ake rubuta su iri ɗaya, kuma daga nan matsalar take farawa. Wanda zai karanta takardar mai neman aiki, mai ɗaukar aiki ne. Abin da yake son sani shi ne ko tana zuwa a kan lokaci, ko tana jin magana, ko za ta iya abin da aka sa ta. In bai ji daɗinta ba, ƙarshen wata ya biya ta ya sallame ta, asararsa ba ta wuce albashi ɗaya ba. Ita kuwa wadda za ta buɗe nata shagon ba ta neman kowa ya ɗauke ta aiki. Masu karanta takardarta su ne dilan da take son ya ba ta kaya ta sayar ta kawo kuɗi, da mai rumfar da zai ba ta haya, da jami'in bankin masu ƙananan sana'o'i da zai duba ko ta cancanci rance. Dukansu dukiyarsu za su sa a hannunta su juya baya. Tambayarsu guda ce: idan aka bar ta da kuɗin mutane, babu mai kallonta, me take yi da su? Takardar da ba ta amsa wannan ba, komai kyan bugunta, ba ta yi aikin da aka rubuta ta dominsa ba.

Shaidar ubangida a kan yaronsa ta girmi takarda nesa ba kusa ba a kasuwancin Hausawa. Abner Cohen, a littafin da ya fitar a 1969 a kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu ya tsayu a kan mai gida: shi ke saukar da fatake, shi ya san mahaucin da za a iya ba wa bashi da wanda ba za a ba wa ba, kuma idan mai saye ya gaza biya, mutuncinsa da aljihunsa ne a kan gaba. Ba a rubuta komai, amma kowa ya san wa ya tsaya wa wa. Har gobe haka ake yi wa yaro namiji. Ranar da ubangidansa zai yaye shi, sai su hau mota tare, su bi ta Ningi da Birnin Kudu su shiga Kano, ya kama hannunsa ya kai shi gaban dilansa a Kantin Kwari ya ce, "Alhaji, ga yaron nan nawa, ya zama mutum, abin da kake yi mini ka yi masa." Wannan magana ɗaya ta fi takarda goma, saboda mai faɗinta yana tsaye ana kallon idonsa.

Mace ba kasafai take samun wannan rakiya ba. In ubangidanta namiji ne, ba zai ɗauke ta su kama hanyar kusan kilomita 300 su biyu ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. In uwar ɗaki ce, sau da yawa ita ma ta waya take sari, ana ɗoro mata kaya a tasha. Majalisar da 'yan kasuwa maza ke zama bayan la'asar, inda ake jin wane mai cika alkawari ne wane kuma a yi hattara da shi, babu mace a cikinta. Ba wai mata baƙi ne a kasuwanci ba. Polly Hill ta rubuta tun 1969 a kan irin cinikin da matan Hausawa ke yi daga cikin gida, wanda mai wucewa a titi ba ya gani. Amma amanar wancan ciniki a cikin unguwa take yawo, tsakanin maƙwabta da 'yan adashi da 'yan biki. Da mace ta fito bakin kasuwa tana neman kayan dubban ɗaruruwa a hannun mutumin da bai san gidansu ba, wannan amana ba ta biyo ta. Takardar mai shago ita ce ke yi mata rakiyar da ake yi wa ɗan'uwanta namiji da ƙafa. Saboda haka nake ganin sakaci wajen rubuta ta ya fi cutar da mace.

Ga yadda aka saba yi. Hajiya ba ta da lokaci, sai ta ce wa yarinyar ta je wurin masu buga takardu a kwamfuta a bugo mata, ita za ta sa hannu. Mai bugun yana da tsohuwar takarda a ajiye, da Turanci, wadda ya buga wa direba jiya, ya buga wa malamar makaranta shekaranjiya. Ya canza suna, ya canza kwanan wata. A sama an ce zuwa ga duk wanda abin ya shafa. A ciki an ce an san wance shekara da shekaru, mai gaskiya ce, mai ƙwazo, mai biyayya, mai ladabi, ana roƙon a ba ta duk taimakon da take bukata. Hajiya ta sa hannu a kan abin da watakila ba a karanta mata ba. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma dilan da ya ga irinta sau ɗari zai ninke ta ya miƙa wa mai ita, ya ce Allah ya sa albarka, in ta kawo kuɗi a hannu za a yi mata sauƙi.

Malamai suna kawo wani labari daga Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi wanda ya dace da wannan wuri ƙwarai. Wani ya zo yana yabon wani mutum a gabansa, sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa yin tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya amsa babu ko ɗaya, sai dai yana ganinsa a masallaci, Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba. Abin lura shi ne, mai shago tana da abin da wancan mai yabo ya rasa. Kuɗi ya haɗa ta da yarinyar nan kullum na tsawon shekaru. Ta san ranar da aka yi rarar naira dubu biyar a aljihun tebur, da ko an kawo mata ko an yi shiru. Duk garin Bauchi babu wanda ya kai ta cancantar ba da wannan shaida, har iyayen yarinyar. Abin takaici ne mai irin wannan sani ta ajiye shi, ta sa hannu a kan yabon da mai unguwa ma zai iya yi wa kowace yarinya a layinsu.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi da lissafi, don a ga abin da ke kan dila. A ce yarinya ta yi shekara huɗu a shagon atamfa a Wunti. Ta kwashi adashi naira 400,000, Hajiya ta yi mata sallama da 300,000, yayanta ya ƙara mata 200,000, jarinta ya tashi 900,000. Ta sami ɗan shago a Yelwa, hayar shekara 250,000, kafinta ya buga mata katako da tebur a 100,000. Saura 550,000. A ce turmin atamfa matsakaiciya yana kamawa 10,000 a sari, to turmi 55 ke nan. Duk wanda ya san sana'ar ya san turmi 55 ba ya cika ido. Mace mai haɗa lefe tana son a baje mata zane iri-iri, ta ɗaga wannan ta ajiye wancan, in ta ga katako rabi fanko sai ta ce bari ta zagaya ta dawo, kuma ba za ta dawo ba. Don haka yarinyar tana bukatar ƙarin turmi 40 bashi, na naira 400,000, ta biya bayan wata guda. Yanzu a koma wajen dila. In ribarsa a kan turmi 500 ce, ribar da zai ci a wannan ciniki 20,000 ce kacal. In kuwa kuɗin suka maƙale, sai ya sayar da turmi 800 kafin ya mayar da gurbin abin da ya rasa. Mutumin da ke kallon 20,000 a hannu ɗaya da 400,000 a ɗaya hannun ba zai motsa don an ce masa wance mai ladabi ce ba.

Takardar da za ta motsa shi ga irin yadda take, kuma ba ta wuce shafi ɗaya ba:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mai ɗauke da wannan takarda 'yata ce ta kasuwa. Ta yi aiki a shagona da ke Kasuwar Wunti daga Janairu 2021 zuwa Disamba 2024. Shekarar farko sayarwa kawai take yi. Daga ta biyu na ba ta mabuɗi da littafin ciniki, ita ke buɗewa ita ke rufewa, kuma cinikin yini a hannunta yake kwana, wanda a kusa da salla yakan haura naira 600,000. Muna ƙirga kaya duk ƙarshen wata. A shekara huɗu sau biyu aka sami giɓi, na turmi ɗaya da na turmi biyu, ita ta fara gaya mini kafin in gani, kuma mun gano kuskuren rubutu ne. Lokacin da na tafi aikin Hajji a 2023 ita ta riƙe shagon kwana arba'in, ta biya ka kuɗin kaya sau biyu da hannunta, za ka gani a littafinka. Na taɓa ba ta kaya na 150,000 ta sayar a unguwarsu, ta biya a kwana ashirin. Ban taɓa gwada ta da bashin da ya wuce wannan ba. Da yardata ta tafi, babu kuɗina a kanta. Wannan shaida ce a kan abin da na gani, ba lamunin bashi ba ce. Ga lambar wayata, ka kira ni a kowane lokaci."

Kowace jimla a nan tana ɗauke da kaya. Watan farawa da watan gamawa sun fi "shekara da shekaru", domin ana iya bincikarsu a wurin maƙwabtan rumfa. Maganar mabuɗi da littafi ta nuna cewa amanar hawa-hawa aka ba ta, ba a rana ɗaya ba, kuma ɗan kasuwa ya san ba a miƙa mabuɗi ga wanda ake kokwanto. Adadin cinikin yini ya gaya wa dila girman kuɗin da idonta ya saba gani, domin wadda ta saba kwana da 600,000 na wani ba za ta ruɗe a kan 400,000 ba. Tafiyar Hajji ita ce zuciyar takardar, saboda a nan ne aka bar ta babu mai kallo, kuma an haɗa ta da shaidar da ke cikin littafin dilan kansa.

Jimloli biyu ne masu shago suka fi jin nauyin rubutawa, kuma su ne suka fi amfani. Ta farko ita ce ta giɓi. Hajiya za ta ce, don me zan ambaci abin da ya wuce in ɓata wa yarinya? Amma duk mai shagon atamfa ya san ba a shekara huɗu ba a sami turmi ya ɓace a lissafi ba. Wanda ya rubuta cewa ko allura ba ta taɓa ɓata ba, ko dai ba ya ƙirga kayansa, ko kuma yana rufa asiri, kuma duka biyun suna rage darajar shaidarsa. Faɗin giɓin da yadda aka warware shi yana nuna cewa ana ƙirge, kuma yarinyar ba ta ɓoye kuskure. Ta biyu ita ce ta iyaka: "ban taɓa gwada ta da bashin da ya wuce wannan ba." A ido kamar an rage mata, alhali an ba dila tsani ne. Mai yiwuwa ba zai ba ta turmi 40 a karon farko ba, zai ba ta 15, in ta cika ya ba ta 30. Haka bashin kasuwa yake girma dama, kuma ya fi mata alheri a kan a ɗora mata abin da zai karya ta a watan farko.

Akwai kuma abin da ya dace a ce ya shiga irin wannan takarda a yau wanda bai shiga ta shekara goma da suka wuce ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da aka canza fasalin kuɗi, ciniki mai yawa ya koma ta waya. Yarinyar shago ta zama ita ke duba ko kuɗi sun shigo da gaske kafin kaya su fita, ita ke gane saƙon banki na bogi, kuma wani lokaci a asusunta ake turawa in na shago ya ƙi. Idan kuɗin Hajiya sun sha kwana a asusun yarinya suna dawowa cif, wannan shaida ce babba, kuma tana da bayanin banki da zai gaskata ta.

Sai maganar shaida da lamuni, wadda ita ce ta fi raba zumunci. Shaida ita ce ka faɗi abin da ka sani. Lamuni shi ne ka ce in ba ta biya ba ni zan biya. A bakin kasuwa kalma ɗaya ake yi musu, "na tsaya mata", kuma kowa da abin da ya fahimta. Hajiya tana nufin ta yaba halinta, dila yana jin an ɗaukar masa bashi. Wata shida bayan haka sai a ji ana sallama a ƙofar shago: "Hajiya, 'yarki fa ta yi shiru, kuma ke kika ce in ba ta." A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na jihar Bauchi ke hukunci da shi, lamuni babi ne mai zaman kansa. An raba lamunin dukiya, inda mai tsayawa zai biya, da lamunin fuska, inda alkawarinsa shi ne ya kawo wanda ake bi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa ana komawa kan mai lamuni ne idan wanda ake bi ba ya nan ko ba shi da abin biya. A dokar da aka gada daga Ingila kuma, tun 1677 ake sharɗanta cewa alkawarin biyan bashin wani sai an rubuta an sa hannu kafin kotu ta tilasta shi. To takardar shaida rubutacciya ce, da sa hannu a ƙasanta. Jimla irin "ku ba ta duk abin da take so, ina bayanta" tana iya zama abin da za a ɗaga a gaban alƙali. Wadda take nufin lamuni ta rubuta shi a takarda dabam, da adadi da wa'adi, a ce har zuwa naira 200,000 na wata shida. Wadda ba ta nufi haka ba ta faɗa ƙarara. Ba rowa ba ce. Na fi ganin rowa a wurin wadda tsoron lamuni ya sa ta hana shaidar gaba ɗaya, alhali jimla ɗaya ta isa ta raba su.

To idan akwai abin faɗa fa? A ce yarinyar ta taɓa cin kuɗin shago, aka zauna da iyayenta, ta biya, ta tuba, ta ƙara shekara biyu ba a sake ganin komai ba. Nan ne alƙalami yake nauyi. In an rubuta, an rataya mata abin da zai bi ta duk inda takardar ta je, kuma takarda ba ta mantuwa kamar yadda mutane ke yi. In an rubuta cewa ba a taɓa samunta da komai ba, an yi shaidar zur, an kuma yaudari wanda zai ba da dukiyarsa. Kotunan Ingila, waɗanda lauyoyinmu ke kafa hujja da hukuncinsu, sun taɓo ɓangarorin biyu: a shari'ar Hedley Byrne ta 1963 an kafa cewa mai ba da bayani da sakaci yana iya ɗaukar alhakin asarar wanda ya dogara da shi, a shari'ar Spring ta 1994 kuma an ce tsohon ubangida yana da alhakin yin hattara kada ya ɓata ma'aikacinsa da shaidar da bai tantance ba. Hanyar da nake ganin ta fi adalci ita ce a taƙaita shaidar ga abin da za a iya rantsuwa a kai: daga wata kaza zuwa wata kaza ta riƙe littafi, lissafi yana cika. Sannan a gaya wa yarinyar gaba da gaba cewa in an kira aka tambayi abin da ya gabaci wannan, ba za a yi ƙarya ba. Ita ta zaɓa, ko ta kai takardar ko ta ajiye. Abin da ba shi da kyau ko kaɗan shi ne a ba ta takarda mai daɗi a hannu, in dila ya kira a waya a ce masa, "To, ni dai ban ce komai ba." Zargin da ba a tabbatar ba kuwa, irin na "ina jin kamar tana taɓawa", ba shi da wuri a takarda, ba shi da wuri a waya.

Ba a rasa dalilin da ke sa wasu yin hakan. Wadda ake rubuta wa takardar nan gobe abokiyar gasa ce. Ta san inda ake sari da nawa ake sarowa, kuma yawancin masu saye lambarta suke da ita, don ita ke ɗora hotunan sababbin kaya a WhatsApp, ita ke amsa su da dare. Mai shago tana da gaskiya in ta ji zafin wannan, kuma ba daidai ba ne a ce mata hassada ce kawai. Amma wurin warware shi zaman sallama ne, a gaban shaidu: layin wayar shago ya zauna a shago, bashin da ke kan masu saye a miƙa shi da littafinsa, a yi yarjejeniya in ana so cewa ba za ta buɗe a layi ɗaya da uwar ɗakinta ba na wani lokaci. Bayan an gama wannan, shaida ta fita da tsabta. Riƙe takarda don a tilasta wa yarinya ƙara shekara, ko rage mata yabo don kada ta yi ƙarfi, cin amanar shekarun da ta yi tana tsare dukiyar wani ne. Igbo 'yan kasuwar kayan gyaran mota sun daɗe da gane cewa yaron da aka sallama da kyau ba ya rage ubangida, sau da yawa ma a wurinsa yake fara sari.

Wani abu da nake so a daina shi ne cusa rayuwar gidan yarinya a takardar kasuwa. Za ka ga an rubuta cewa 'yar gidan mutunci ce, ko matar aure ce mai kamun kai, ko bazawara ce mai marayu a taimaka mata. Ba a rubuta wa yaro namiji haka. Na farko bai gaya wa dila komai a kan kuɗinsa ba, na ƙarshe kuma ya mayar da 'yar kasuwa mai neman sadaka, ya kuma sanar da baƙo raunin da ba ruwansa da shi. Haka batun harshe. In dilan Kwari ne zai karanta, a rubuta da Hausa, da sunansa a sama, domin takardar da aka aika wa mutum takamaimai ta fi wadda aka aika wa kowa da kowa nauyi. In banki ne, a yi ta Turanci, amma ta zama fassarar abin da Hajiya ta faɗa da bakinta, a karanta mata kafin ta sa hannu.

Kada kuma a ɗora wa takardar abin da ba za ta iya ba. Ba ta maye gurbin rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC. Bankuna suna da nasu fom na masu shaida idan za a buɗe asusun kasuwanci, kuma wannan dabam ne. Cibiyar DEC, wadda aka kafa a nan Bauchi a 1987 take kuma ba mata ƙananan rance, ta fi dogara ga ƙungiya, inda mata ke tsaya wa juna, a kan wasiƙar mutum ɗaya. Shaidar mutum ɗaya dama tana da iyaka, ko a fiƙihu ba a wadatuwa da mutum ɗaya wajen tsarkake mai shaida. Shi ya sa takarda mai kyau take nuna wa mai karatu inda zai sami ta biyu: littafinsa, maƙwabcin rumfa, bayanin banki. Kuma takardar da ba a iya kiran mai ita ba, ko aka kira aka ji ba ta san abin da ke ciki ba, ta mutu nan take.

Amma akwai dalilin da ya sa duk da wannan iyaka take da nauyi a kan mai shago. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. A shagunan kasuwa da wuya ka ga an yi. Dokar mafi ƙarancin albashi, wanda aka kai naira 70,000 a 2024, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, wato kusan kowane shago a Wunti da Muda Lawal. Babu takardar ɗauka, babu takardar albashi, babu fansho. Yarinya za ta yi shekara huɗu tana buɗe shago da safe tana rufewa da magariba, ta fita babu ko layi ɗaya a duniya da ya nuna ta taɓa yin aikin. Wannan shafi guda shi ne kaɗai abin da zai rage a rubuce. A Jamus doka ce ta ba ma'aikaci haƙƙin karɓar irin wannan shaida idan zai tafi. Mu a nan an bar ta ga kirkin ubangida.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Wunti da Muda Lawal da Babbar Kasuwa su mayar da ita cikin ƙa'idar sallama, kamar yadda ake kiran shaidu idan za a ba da jari: duk wanda ya yi shekara biyu a shago ya fita lafiya, namiji ko mace, a ba shi shaida a rubuce, sakataren layi ya sa hannu a ƙasan na mai shago. Ke kuma Hajiya, in 'yarki ta kasuwa ta zo neman takarda, kada ki tura ta wurin mai kwamfuta ita kaɗai. Ki ɗauko littafin cinikin shekarun nan ki buɗe, ki faɗi watan da ta zo, da ranar da kika ba ta mabuɗi, da kuɗin da suka kwana a hannunta, a rubuta a karanta miki, sannan ki sa hannu.